Yadda ake lissafin ƙarin zafin tafasa da matsin osmosis na ruwan gishiri da lambar van't Hoff

Idan ka narkar da wani sinadari cikin ruwa, ruwan ba zai ƙara tafasa a inda ya saba ba, sai zafin ya ɗan haura. Haka kuma idan ka raba wannan haɗi da tsantsar ruwa da wani tantani wanda ruwa ke iya ratsawa amma abin da aka narkar ba ya iyawa, ruwan zai riƙa kwarara zuwa ɓangaren haɗin. Ƙarfin da sai ka danna kafin ka tsayar da wannan kwarara shi ne matsin osmosis. Abubuwan nan biyu ba ruwansu da sunan abin da ka narkar. Abin da suke bi kawai shi ne yawan ƙwayoyin da ke yawo cikin ruwan.

Sukari irin su gulukos ba ya ba da wahala a nan, domin ƙwaya ɗaya da ta shiga ruwa tana nan ƙwaya ɗaya. Gishiri, asid da sauran sinadaran da ake kira ilektrolait kuwa rabuwa suke yi zuwa ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki, wato ayon. Saboda haka mol ɗaya da ka auna a kan sikeli na iya zama mol biyu ko uku ko biyar a cikin ruwa. Lambar van't Hoff, wadda ake rubutawa da `i`, ita ke cike wannan giɓi. An sa mata sunan Jacobus Henricus van't Hoff, ɗan ƙasar Holan da ya fara karɓar kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1901. Shi ya lura cewa ruwan gishiri na ba da matsi fiye da yadda lissafinsa ya nuna, sai ya sa wannan lamba don gyara. Svante Arrhenius ne ya bayyana dalilin a 1887, cewa gishirin rabuwa yake yi.

Ƙa'idojin guda biyu ne, ta farko ta ƙarin zafin tafasa, `ΔTb`, ta biyu ta matsin osmosis, `Π`:

```
ΔTb = i × Kb × m
Π   = i × M × R × T
```

Za mu bi haɗi ɗaya tak daga farko har ƙarshe: giram 11.1 na kalsiyam kuloraid, CaCl₂, an narkar cikin giram 500 na ruwa. Muna son sanin inda zai tafasa, da kuma matsin osmosis ɗinsa a digiri 25 na ma'aunin Selsiyas.

Mataki na farko: ƙirga ƙwayoyi

Kafin ka taɓa kalkuleta, rubuta yadda sinadarin ke rabuwa cikin ruwa.

```
CaCl₂ → Ca²⁺ + 2 Cl⁻
```

Kalsiyam ɗaya da kuloraid biyu, jimla uku. Don haka `i = 3`. A duk aikin nan babu matakin da ya fi wannan sauƙi, kuma babu inda ɗalibai suka fi faɗuwa, domin suna ƙirga atom a maimakon ayon. Dubi Na₂SO₄. Atom bakwai ne a cikinsa, amma salfet, SO₄²⁻, dunƙule ɗaya ce da ba ta wargajewa a ruwa. Sodiyam biyu da salfet ɗaya ke fita, `i = 3`. Haka (NH₄)₂SO₄ ma uku ne, domin amoniyam, NH₄⁺, ita ma dunƙule ce. Al₂(SO₄)₃ biyar ne. NaCl da MgSO₄ biyu-biyu ne. Gulukos da yuriya ɗaya ne, ba sa rabuwa ko kaɗan.

Akwai hanyar tabbatar da cewa ka raba daidai: haɗa cajin ɓangaren dama, dole ya fito sifiri. A namu, +2 da −1 sau biyu sun kashe juna. Idan cajin bai tafi sifiri ba, ka ɓata rabon.

Ka kuma tambayi kanka ko sinadarin yana narkewa ma. AgCl a takarda ayon biyu ne, amma abin da ke narkewa daga cikinsa bai taka kara ya karya ba. Wanda ya kwanta a gindin kwalba ba ya shiga lissafi.

Mataki na biyu: mayar da giram zuwa mol

Nauyin mol ɗaya na CaCl₂ shi ne na kalsiyam 40.08 a haɗa da na kulorin 35.45 sau biyu, wato giram 110.98.

```
n = 11.1 ÷ 110.98 = 0.100 mol
```

A nan sai a duba jikin kwalba da kyau. Sau da yawa kalsiyam kuloraid da ake samu a ɗakin gwaji mai ruwa ne a jikinsa, an rubuta CaCl₂·2H₂O, kuma nauyin mol ɗinsa giram 147.01 ne. Idan shi ka auna giram 11.1, mol 0.0755 kawai ka samu, ba 0.100 ba. Bayan haka ya shigo da ruwansa kimanin giram 2.7, wanda zai haɗu da giram 500 ɗin da ke akwai. Kashi ɗaya cikin huɗu na amsarka ya tafi tun ba ka fara ba. Ruwan jikin gishirin ba ya ƙara wa `i` komai: yana nan uku, ruwan kuwa a lissafa shi cikin ruwan narkarwa. Mu dai mun ɗauka busasshen ne a hannunmu.

Mataki na uku: zafin tafasa

Ƙaramin `m` da ke cikin ƙa'ida ta farko shi ne molaliti: yawan mol na abin da aka narkar a kowane kilogiram na ruwan narkarwa. Ruwan kaɗai, ban da nauyin gishirin. Dalilin da ya sa aka zaɓi wannan ma'auni shi ne ana dumama haɗin, kuma ruwa na faɗaɗa idan ya ji zafi, amma nauyinsa ba ya canjawa.

```
m = 0.100 ÷ 0.500 = 0.200 mol/kg
```

Shi kuma `Kb` na ruwan narkarwa ne, ba na gishiri ba. Na ruwa 0.512 °C·kg/mol ne. Da a cikin benzin aka narkar da wani abu, sai a yi amfani da nasa, 2.53.

```
ΔTb = 3 × 0.512 × 0.200 = 0.307 °C
Tb  = 100.00 + 0.31 = 100.31 °C
```

Lura da layi na biyu. Abin da ƙa'idar ke bayarwa ƙari ne, ba zafin tafasar kansa ba. Wanda ya rubuta cewa haɗin na tafasa a digiri 0.307 ya tsaya a tsakiyar hanya. Kuma digiri 100 ɗin nan na tsantsar ruwa ne a matsin iska na `1 atm`. A wuri mai tudu inda iska ta fi sauƙi, ruwa na tafasa ƙasa da haka, don haka idan gwaji kake yi na gaske, fara tafasa tsantsar ruwa da ma'aunin zafin da za ka yi aiki da shi, ka rubuta abin da ya nuna, sannan ka ɗora ƙarin a kai. Ba ka buƙatar mayar da ΔTb zuwa Kelbin, domin tazarar digiri ɗaya a Selsiyas daidai take da tazara ɗaya a Kelbin.

Me ya sa zafin ke hawa tun asali? Ƙwayoyin da aka narkar suna rage yawan tururin da ruwan ke iya fitarwa a kowane zafi. Ruwa kuwa ba ya tafasa sai ƙarfin tururinsa ya kamo matsin iskar da ke kansa, don haka sai an ƙara wuta kafin a kai can. Daga wannan bayani ake gane iyakar ƙa'idar: tana aiki ne idan abin da aka narkar shi kansa ba ya tashi ya zama tururi. Idan etanol ka zuba cikin ruwa, wannan lissafi ba nasa ba ne, haɗin ma ƙasa da digiri 100 zai tafasa.

Amsar tamu ƙarama ce, kuma haka ya kamata ta kasance. A haɗin da bai kai mol ɗaya a kilogiram ba, ƙarin bai cika wuce digiri ɗaya ko biyu ba. Idan ka ga 30 ko 300, koma ka duba, galibi giram ka bari a inda ake son kilogiram, ko ka manta ka mayar da gishirin zuwa mol.

Mataki na huɗu: matsin osmosis

Nan ne aikin ya fi buƙatar natsuwa, domin babban `M` ba shi ne ƙaramin `m` ba. Molariti ne: yawan mol a kowace lita ta haɗin gaba ɗaya, ruwa da gishiri tare. Tambayarmu ba ta ba mu lita ba, giram ta ba mu. Sai mun san nauyin mililita ɗaya na haɗin kafin mu samu. A ce an auna an samu giram 1.015 a kowane mililita.

```
511.1 ÷ 1.015 = 503.5 mL = 0.5035 L
M = 0.100 ÷ 0.5035 = 0.199 mol/L
```

Wannan 511.1 jimlar ruwa giram 500 ne da gishiri 11.1. Ka ga 0.199 da 0.200 kusan abu ɗaya ne. Haka yake a duk haɗin ruwa mai tsinkewa, shi ya sa idan ba a ba ka nauyin mililita ba, kana iya ɗaukar molaliti a matsayin molariti, ka rubuta cewa ƙiyasi ka yi. Amma wannan rangwame na ruwa ne kawai, kuma na haɗi mara kauri. A haɗi mai kauri, ko a wani ruwan narkarwa da litarsa ba ta kai kilogiram ba, lambobin biyu kan yi nisa da juna.

Sai zafi. A wannan ƙa'ida `T` dole ya zama a Kelbin, don haka ƙara 273.15 a kan 25, ka samu 298.15. `R` kuma, wato lambar dindindin ta iskar gas, ya dogara da ma'aunin da kake son amsa ta fito da shi. Idan `atm` kake so, ɗauki 0.08206. Idan `kPa` kake so, ɗauki 8.314, ka bar `M` a mol kan lita yadda yake.

```
Π = 3 × 0.199 × 0.08206 × 298.15 ≈ 14.6 atm
```

A ɗaya ma'aunin kimanin `1480 kPa` ke nan. Wannan ba ƙaramin matsi ba ne: `1 atm` na iya ɗaga ruwa sama mita 10 da ɗoriya, don haka haɗin namu na iya riƙe ruwa mai tsawon kusan mita 150. Haɗin da bai motsa ma'aunin zafi ba sai da sulusin digiri, shi ne ke ba da wannan ƙarfi. Shi ya sa idan abin da aka narkar kaɗan ne ƙwarai, kamar furotin, matsin osmosis ake aunawa, domin ƙarin zafin tafasarsa ba ya ganuwa.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne sa 25 a gurbin 298.15. Amsar sai ta fito 1.22, wato ta ragu kusan sau goma sha biyu. Hanyar gane shi mai sauƙi ce. Riƙe a kanka cewa `R × T` a zafin ɗaki kusan 24.5 ne. Duk mol ɗaya na ƙwayoyi a lita na ba da kusan `24.5 atm`. Namu ƙwayoyin 0.6 ne a lita, kuma 0.6 na 24.5 ya kusa 15. Amsar da ta yi nisa da wannan akwai matsala a cikinta.

Uku ɗin nan na takarda ne

Da za ka auna haɗin nan da na'ura, ba za ka samu 14.6 ba. Za ka samu ƙasa da haka. Dalili shi ne ayon masu caji ne, mai cajin ƙari na jan mai cajin ragi. Kowane ayon na yawo ne kewaye da waɗanda cajinsu ya saɓa da nasa, wasu ma kan manne na ɗan lokaci su riƙa tafiya tamkar ƙwaya ɗaya. Ba su da cikakken 'yancin da lissafinmu ya ɗauka suna da shi, don haka `i` na gaske kan gaza na takarda.

Ga abin da awo ya nuna, daga gwajin zafin daskarewa. NaCl, wanda muke ba 2, yana ba da 1.87 a haɗi mai molaliti 0.100. Idan aka tsinka shi sau goma ya koma 0.0100, sai ya hau 1.94, a 0.00100 kuma 1.97. Yawan ruwa na nesanta ayon da juna, sai lambar ta matso kusa da ta takarda. Amma dubi MgSO₄, wanda shi ma 2 ne a takarda: a 0.100 bai wuce 1.21 ba, ko a 0.00100 ma 1.82 ne. Bambancin daga girman caji yake. Sodiyam da kuloraid ɗaya-ɗaya gare su, magniziyam da salfet biyu-biyu, kuma ƙarfin jan yana bin ninkin cajin biyun, wato sau huɗu. Saboda haka idan ka ga gishirin da ayon ɗinsa duka masu caji biyu ne ko uku, kada ka amince da lambar takarda sai a haɗin da ya tsinke sosai.

Ga CaCl₂ a kaurin haɗinmu, a digiri 25, lambar da awo ke bayarwa kusan 2.6 ce. Mu sake lissafi da ita:

```
Π   = 2.6 × 0.199 × 0.08206 × 298.15 ≈ 12.7 atm
ΔTb = 2.6 × 0.512 × 0.200 ≈ 0.27 °C
```

Layin na biyu ƙiyasi ne, domin `i` na ɗan canjawa da zafi, kuma 2.6 ba a wurin tafasa aka auna ta ba. Duk da haka yana nuna abin da nake so a gani. A zafin tafasa bambancin digiri 0.04 ne, wanda ma'aunin zafi na yau da kullum ba zai nuna ba. A matsin osmosis kuwa kusan `2 atm` ne. Girman kuskuren ɗaya ne a duka biyun, kusan kashi 13 cikin ɗari, amma a wuri ɗaya ana iya kawar da kai, a ɗayan ba a iyawa.

To wace za a yi amfani da ita? A jarrabawa, idan ba a ba ka lambar awo ba, ɗauki ta takarda ka faɗi cewa ka ɗauka rabuwar cikakkiya ce. Idan an ba ka ta awo, ita ce mai aiki. A aikin gaske kuwa, ni a ganina lambar takarda ta isa ne kawai don gane girman amsa.

Misalin da ya fi nuna haka shi ne ruwan gishirin da ake ƙara wa marasa lafiya a jijiya, mai NaCl giram 9.0 a lita. Nauyin mol ɗinsa 58.44, don haka `M` ya zama 0.154. Da `i = 2`, ƙwayoyin mol 0.308 ne a lita, wato milimol 308, kuma ita ce 308 da ake bugawa a jikin ledar. A zafin jiki, digiri 37, wato 310.15 a Kelbin, matsin ya fito `7.8 atm`. Amma da lambar awo, kusan 1.86, ƙwayoyin 0.286 ne, matsin kuma `7.3 atm`. Na ruwan jinin mutum yana tsakanin 0.275 da 0.295 a kilogiram na ruwa. Lambar takarda ta fita daga wannan tazara, ta awo ce ta faɗa cikinta.

Wani abu da littattafan farko ba su cika faɗa ba: ba a kullum lambar takarda ke zama iyaka ta sama ba. A haɗi mai kauri sosai, ayon na riƙe ruwa mai yawa a jikinsu, sai ruwan da ya rage sake ya yi kaɗan, lambar awo ta juyo ta fara hawa. CaCl₂ mai molaliti 1 ya riga ya ɗan haura 3. Idan aka kai nan, ƙa'idojin nan biyu masu sauƙi sun gama aikinsu, sai a koma ga jadawalin awo.

Idan rabuwar ba cikakkiya ba ce

Asid mai rauni kamar asetik, CH₃COOH, kaɗan ne daga cikinsa ke rabuwa, saura na nan a dunƙule. A nan ba a ƙirga ayon kai tsaye. Ana amfani da kason da ya rabu, `α`, da yawan ayon da ƙwaya ɗaya ke bayarwa idan ta rabu, `n`.

```
i = 1 + α(n − 1)
```

Asalin wannan ba wuya. Cikin mol ɗaya, `1 − α` bai rabu ba, `α` kuma ya zama `nα`. Haɗa su ka samu abin da ke sama. Asid ɗin asetik mai molariti 0.10 kashi 1.3 cikin ɗari ne kawai ke rabuwa, kuma `n = 2`, don haka `i = 1.013`. Wanda ya sa masa 2 don ya ga asid ne ya ninka amsarsa kusan sau biyu. H₂SO₄ kuma tsaka-tsaki ne: haidurojin na farko na fita gaba ɗaya, na biyu wani kaso kawai, don haka lambarsa tsakanin 2 da 3 take, tana matsawa zuwa 3 gwargwadon tsinkewar haɗin.

Juya lissafin baya

Sau da yawa tambayar kan zo ta ɗaya gefen: an ba ka abin da aka auna, ana son `i`. Raba abin da aka auna da abin da za a samu da babu rabuwa ko kaɗan. A ce an auna matsin haɗinmu an samu `12.6 atm`.

```
i = 12.6 ÷ (0.199 × 0.08206 × 298.15) ≈ 2.6
α = (2.6 − 1) ÷ (3 − 1) = 0.80
```

Sai dai a yi hattara da fassarar 0.80 ɗin nan. Ga asid mai rauni, `α` kason da ya rabu ne da gaske. Ga gishiri irin CaCl₂ kuwa, ba yana nufin kashi 20 cikin ɗari na nan a dunƙule ba. Gishirin ya rabu, jan da ke tsakanin ayon ne ya sa suke aiki kamar ba su kai yawansu ba.

Lambar da ta fito ita kanta tana gaya maka ko aikin ya yi kyau. A haɗin ruwa mai tsinkewa, `i` na ilektrolait ya kamata ya faɗa tsakanin 1 da lambar takarda. Idan ya haura, duba ko ruwa ya ƙone ya tashi yayin tafasawa har haɗin ya yi kauri fiye da yadda ka lissafa, wanda shi ne babban aibin gwajin tafasa: ruwan na raguwa, zafin na ci gaba da hawa, don haka karatun farkon tafasa ake ɗauka. Idan ya gaza sosai, koma ga kwalbar gishirin. Kalsiyam kuloraid na zuƙar danshi daga iska da sauri, kuma wani kaso na abin da ka auna a sikeli na iya zama ruwa ne. Idan kuma `i` ya fito ƙasa da 1, ƙwayoyin haɗuwa suke yi maimakon rabuwa. Haka asid ɗin asetik ke yi a cikin benzin, inda suke kama juna biyu-biyu har lambar ta sauko kusa da 0.5.